Mai gudun mita 100 da mai gudun famfalaki: daga ina kowa ke samo ƙarfi?

Autar Hajiya: Slm jama'a. Dan Allah wanda ya gane darasin nan na hanyoyin da jiki ke samar da ƙarfi lokacin gudu ya taimaka min. Malaminmu ya ba mu tambaya a gwajin share fagen WAEC, wai mu bambanta yadda mai gudun mita 100 yake samun ƙarfi da yadda mai gudun famfalaki yake samu, maki 10. Ni dai na rubuta ɗaya anerobik ɗaya erobik na tsaya, sai ya ba ni 2 ya rubuta a gefe wai "ina bayanin?" Toh wane bayani kuma ya rage fisabilillahi

Sarkin Aji: Ai abin ba wuya ƙanwata. Mai mita 100 ba ya numfashi har ya gama, riƙe numfashinsa yake yi, shi ya sa ake ce masa anerobik, babu iska kenan. Mai dogon gudu kuma yana ta shaƙa yana fitarwa. Ki ƙara wannan kawai kin ci makinki

Malamin Fili: Wa alaikumus salam. Sarkin Aji ka kama wutsiyar maganar amma kan ya kuɓuce maka, kuma in ta rubuta haka wani malamin ma sai ya zare mata 2 ɗin da ta samu. Ba riƙe numfashi ne ya sa ake cewa anerobik ba. Akwai masu tsere da suke numfashi a mita 100, akwai masu ɗan riƙewa a farkon tashi, duk ɗaya ne. Maganar ita ce iskar da ka shaƙa sai ta bi huhu ta shiga jini, zuciya ta turo ta, ta isa tsoka, sannan a yi aiki da ita, wannan tafiyar tana cin lokaci, kafin ta kankama sosai an yi minti ɗaya zuwa biyu. Shi kuwa Usain Bolt a Berlin a 2009 sakan 9.58 ya yi ya gama komai. Ko da ya buɗe baki ya yi ta zuƙa, iskar ba za ta iso da yawan da tsoka ke nema a kan lokaci ba.

Auta ki fara daga nan: tsoka ba ta san tuwo ba, ba ta san shinkafa ba, abu ɗaya tak take iya ƙonawa ta motsa, shi ne ATP. In an ɓalle fosfet ɗaya daga jikinsa sai ƙarfi ya fita, ya koma ADP. Matsalar ita ce wanda ke ajiye a tsoka kaɗan ne ƙwarai, in kin saki gudu iya ƙarfinki sakan 2 zuwa 3 ya ƙare. Saboda haka duk darasin nan tambaya ɗaya yake amsawa, ta wace hanya jiki zai mayar da ADP ya koma ATP, kuma da wane sauri. Hanyoyin uku ne ba biyu ba, a nan kika fara zubar da maki.

Autar Hajiya: Uku kuma Malam? Ni biyu na sani wlh

Malamin Fili: Anerobik ɗin ce ta rabu biyu. Ta farko ana rubuta ta ATP-PC. A cikin tsoka akwai wani sinadari fosfokiriyatin, wato PC, shi ma yana riƙe da fosfet, da zarar ATP ya fara raguwa sai ya miƙa nasa nan take ya koma kiriyatin, wato C:

PC + ADP → ATP + C

Mataki ɗaya ne kawai, ba ruwansa da iska, ba ruwansa da suga, shi ya sa babu hanyar da ta kai ta sauri. Amma ajiyar ba ta wuce ta sakan 8 zuwa 10 in ana gudun ceton rai. Ita ce ta mita 100, da tsallen nesa, da jifan dalma, da ɗaga ƙarfe sau ɗaya.

Ta biyu ita ce ta laktik asid. A nan gulukos ake farfasawa, wanda tsoka ta adana a matsayin gilaikojin, ba tare da an jira oksijin ba. Kowane gulukos ɗaya ATP 2 kacal ake samu riba, sauran ya koma laktik asid. Tana da sauri amma ba ta kai ta farko ba, kuma ita ke riƙe mutum daga wajen sakan 10 har zuwa minti ɗaya da wani abu.

Ta uku erobik, ita kika sani. Gulukos ɗin nan dai, amma a ƙona shi ƙurmus da oksijin a cikin mitokondiriya, wato 'yan ƙananan injinan samar da ƙarfi da ke cikin ƙwayoyin tsoka:

C6H12O6 + 6O2 → 6CO2 + 6H2O + ATP

Littattafan sakandare suna cewa ATP 36 ko 38 daga gulukos ɗaya. Ita kaɗai ce kuma take iya ƙona kitse. Riba mai yawa, amma a hankali take fitarwa.

In kina son ki riƙe a kai, ki tuna murhu. Karmami da kin ƙyasta ashana ya kama bal ya mutu. Kara ya fi shi daɗewa amma hayaƙi zai cika miki ido. Gawayi sai kin yi ta fifita kafin ya kama, in ya kama kuwa sai ki dafa wake a kai.

Baban Yara: Ni dai abin da na sani tun muna makaranta, ranar wasannin gida-gida duk wanda zai yi gudu sai an zuba masa garin gulukos a tafin hannu ya lashe. Ki ce wa malamin naku mai mita 100 gulukos yake sha, mai dogon gudu kuma sai ya ci abinci mai nauyi kamar tuwo ko ɗanwake tun da safe. Ai shi ne bambancin ko?

Anti Nas: Baban Yara ba abincin da za su ci ake tambaya ba 😂 abin da ke faruwa a cikin tsoka ake nufi. Kuma garin gulukos ɗin nan da ake lasa ana saura minti biyu a busa usur ba abin da yake ƙara wa mai mita 100, kafin ya bar ciki ya shiga jini an gama tseren an raba kofi da bokiti. Mu dai daɗinsa muke bi lokacin, har waɗanda ba su yi gudun ba layi suke shiga. Ɗanwake kuwa kafin dogon gudu, Allah ya kiyaye, ciki ne zai ƙulle maka a zagaye na biyu

Baban Yara: Toh ai shi ke nan, mu namu karatun ya tsufa

Sarkin Aji: Malam na yarda da gyaran. Kenan kamar giyar mota ce, sakan 10 na farko ATP-PC, tana ƙarewa sai laktik ta karɓa, ita ma tana ƙarewa sai erobik ta shigo. Haka ne?

Malamin Fili: A'a, kuma wannan kuskuren ya fi na numfashin yawa a takardun yara, har misalin murhun da na bayar yana iya jefa mutum ciki in bai kula ba. Duka ukun a kunne suke tun daga sakan na farko. Abin da ke canzawa shi ne wacce ta fi ɗaukar kaya a wannan lokacin. Ko a mita 100 hanyar laktik tana ba da kaso mai tsoka, tun sakan na farko-farko ta fara aiki, erobik ma tana ɗan taɓukawa. In za ka rubuta ka ce "wadda ta fi rinjaye", kar ka ce "ita kaɗai".

Bari mu ɗauki mita 400 mu bi shi tiryan-tiryan, don a nan ake ganin ukun a fili, zagaye ɗaya ne na fili. Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu ya yi shi a sakan 43.03 a Rio a 2016, yaron sakandare mai ƙoƙari zai yi a wajen minti ɗaya. Daga tashi zuwa mita 50 ko 60 fosfokiriyatin ne ke jan ragama, mutum yana jin kansa kamar iska, a nan yara ke ruɗuwa su saki komai. Daga nan har wajen mita 300 hanyar laktik ce ta fi ɗaukar nauyi, asid yana taruwa a tsoka a hankali, ita kuma erobik tana ta hauhawa don zuciya da numfashi sun fara kamawa. Da an fito kwanar ƙarshe, mita 100 ɗin da ya rage, fosfokiriyatin ya kusa ƙarewa, asid ya yi yawa har ya fara dagula aikin tsoka. Ku tsaya a bakin fili ku kalli yaro a wajen nan: kai ya koma baya, haƙora a waje, kafaɗu sun hau kunne, gwiwa ta daina ɗagawa, taku ya gajarce, hannu yana ta wurgawa amma ƙafa ta ƙi bin umarni. Ba ragwanci ba ne, ATP ɗin ne ba ya fitowa da saurin da yake fitowa a farko. Shi ya sa ko manyan 'yan tsere mita 200 na biyu ya fi na farko jinkiri. Wanda kuke gani kamar ya ƙara wuta a ƙarshe yawanci ba ƙarawa ya yi ba, shi ne dai wanda gudunsa bai zube sosai ba.

Ko Bolt ɗin ma, ƙololuwar gudunsa tsakanin mita 60 da 80 take, daga nan ya ɗan fara sauka.

Lamba Bakwai: Malam wannan bayanin ni ya taɓa ni. Ina buga gefe a ƙungiyar unguwarmu, farkon wasa ba wanda ke kamo ni, amma in na yi gudu uku a jere na kai hari na dawo tsaro na sake komawa sai in ji cinyoyina kamar an ɗaura min bulo, koci yana ta ihu wai ba ni da zuciya. Kuma washegari in na zo sauka daga bene sai na riƙe bango saboda tsamin jiki. Laktik asid ɗin ne ya kwana a cinyar ko? Wani ya ce in sha kanwa ko in sa a taka min

Anti Nas: Kar ka sha kanwa dan Allah ƙanena, ba abin da za ta yi maka sai ɓata ciki. Kuma laktik asid ba ya kwana, cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka jini ya kwashe shi, wani zuciya da sauran tsokoki su ƙona shi, wani hanta ta mayar da shi gulukos. Tsamin washegari daban ne, 'yan ƙananan yagewa ne a zaren tsoka da ɗan kumburin da ke biyo baya, shi ya sa yake fin tsanani kwana ɗaya zuwa biyu bayan wasan ba a ranar ba, kuma ya fi kama wanda ya daɗe bai motsa ba ko wanda ya yi ta cin birki da saukowa gangara

Malamin Fili: Anti ta gama maka na washegari. Na cikin wasan kuma lissafi ne. Fosfokiriyatin yana dawowa in ka huta, wajen rabinsa a sakan 30, kusan dukansa a minti 3 zuwa 5. Kai kuma kana sake tashi bayan sakan 15 ko 20, kenan gudu na biyu da ajiyar da ba ta kai rabi ba ka fara, na uku kusan ba komai, dole hanyar laktik ta ɗauki kayan, ga bulo a cinya. Abin da zai ba ka mamaki shi ne da oksijin ake sake cika fosfokiriyatin ɗin. Wato hanyar erobik ce ke biyan bashin da anerobik ta ci. Hakin nan da mai mita 100 yake yi bayan ya tsallake layi, ya dafa gwiwa yana ta sauke numfashi alhali sakan 12 kawai ya yi, shi ne littafi ke kira bashin oksijin. Saboda haka in kana son gudunka na uku ya yi kama da na farko, sai ka gina dogon numfashi, gudun sassarfa na minti 30 zuwa 40 wasu ranakun, ba tseren gajere kaɗai ba.

Lamba Bakwai: Kai, ni da na tsani zagaye fili 😭 toh na ji

Autar Hajiya: Malam na fara ganewa. Amma abin da ya ɗaure min kai, tunda erobik tana ba da 38 ita kuma laktik 2 kacal, me ya sa mai erobik bai fi gudu ba? Ai shi ya fi samun ATP

Malamin Fili: Yawwa, wannan tambayar ita ce makin da kika rasa. Yawa daban, sauri daban. Erobik tana fitar da mai yawa daga gulukos ɗaya amma matakanta suna da tsawo kuma tana jiran oksijin da zuciya za ta iya turowa, saboda haka ATP ɗin da take bayarwa a kowane sakan bai kai na sauran biyun ba. Ita laktik ɓarna take yi, tana farfasa gulukos da yawa cikin gaggawa tana tsintar bibbiyu, amma a sakan ɗaya ta tara fiye da na erobik.

Ki duba da alƙalami. Bolt mita 100 a sakan 9.58. Van Niekerk in kin raba 43.03 gida huɗu, kowane mita 100 ya ci wajen sakan 10.8. David Rudisha na Kenya ya yi mita 800 a 1:40.91 a Landan a 2012, kowane mita 100 wajen sakan 12.6 kenan. Kelvin Kiptum, shi ma ɗan Kenya, ya yi famfalaki kilomita 42.195 a 2:00:35 a Chicago a 2023, in kin buga lissafin kowane mita 100 wajen sakan 17. Kin ga yadda saurin ke sauka yayin da nisa ke ƙaruwa, daidai da yadda kayan ke komawa kan hanyar da ta fi jinkiri. Amma fa kar ki raina 17 ɗin nan, sau 420 da ɗoriya ya yi shi a jere ba tsayawa, yawancin 'yan group ɗin nan sau biyu ma ba za mu iya ba.

Sarkin Aji: Kenan mai famfalaki ba ya taɓa ƙarewa da mai tunda akwai kitse

Malamin Fili: Kitsen ba ya ƙarewa a tsere ɗaya, gaskiya ne, ko siririn mutum yana da mai isarsa. Amma gilaikojin yana ƙarewa. Abin da tsoka da hanta suka adana gaba ɗaya wajen rabin kilo ne a babban mutum, yana kai shi kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu na gudu mai ƙarfi. In ya yi ƙasa sai jiki ya koma dogaro da kitse, shi kuma kitse ya fi jinkirin ƙonuwa kuma ya fi cin oksijin, sai ka ga mutum a wajen kilomita 30 zuwa 35 gudunsa ya zube lokaci guda, wani har jiri. Shi ya sa suke shan abin zaƙi a hanya. Baban Yara ka ga inda gulukos ɗinka yake da amfani, a dogon gudu ne ba a mita 100 ba. Gajiyar mai famfalaki ƙarewar gilaikojin ce da rashin ruwa da zafin jiki, ta mai mita 400 taruwar asid ce, ta mai mita 100 raguwar fosfokiriyatin. Auta wannan layin kaɗai maki ne.

Baban Yara: Alhamdulillahi ashe ban faɗi ƙasa warwas ba

Ɗan Jami'a: Malam a gafarce ni in ɗan sa baki. Mu a aji biyu na jami'a an ce mana 38 ɗin nan tsohon lissafi ne, na yanzu 30 zuwa 32 ne. Kuma malaminmu ya ce laktet, wato abin da kuke kira laktik asid, ba shi ke gajiyar da tsoka ba, mai ne ma da jiki ke sake ƙonawa, abin da ke kawo matsalar sinadarin haidurojin ne da fosfet da ke taruwa, har yanzu ma masana ba su gama daidaitawa a kan wanne ya fi laifi ba. Bai kamata a ci gaba da koya wa yara abin da aka wuce ba gsky

Malamin Fili: Ban musa maka ko ɗaya ba, haka abin yake. Amma yarinyar nan jarrabawa za ta shiga, wanda zai duba takardarta da abin da ke littafin sakandare zai auna. Ta rubuta adadin da ke littafin da makarantarsu ke amfani da shi, 36 ko 38, ta ce taruwar laktik asid na tafiya tare da gajiyar tsoka. In ta shiga jami'a ku gyara mata.

Ɗan Jami'a: Ni dai ban gamsu ba Malam, haka aka yi mana muka zo aji ɗaya muna gardama da lakcara. Ko a baki ne a riƙa gaya musu cewa akwai sabon lissafi

Anti Nas: Ai ga shi ka gaya mata yanzu, ta ji. Ku bar yarinya ta ci jarrabawa tukuna

Autar Hajiya: Na gode duka. Ga yadda na sake tsarawa, a duba min. Mai mita 100: lokaci gajere ƙarfi iya iyaka, ATP-PC ce ta fi rinjaye sai laktik na taimaka mata, ba a dogara da oksijin ba, man shi ne fosfokiriyatin da gilaikojin, ATP kaɗan amma da sauri, yana gajiya in fosfokiriyatin ya ragu, bayan tsere yana biyan bashin oksijin. Mai famfalaki: lokaci mai tsawo ƙarfi matsakaici, erobik, a mitokondiriya, gilaikojin da kitse, ATP mai yawa amma a hankali, abin da ke fita iskar kabon da ruwa, kuma ba ya taɓa amfani da anerobik

Malamin Fili: Ki goge jimlar ƙarshe. Yana amfani da ita, lokacin tashi kafin numfashi ya daidaita, da in ya zo hawan tudu, da in zai tsere wa abokin karawa a mita 200 na ƙarshe. Sauran ya yi. Ki ƙara layi ɗaya kan zaren tsoka: masu gajeren tsere sun fi yawan zare mai saurin motsi, fari-fari, mai ƙarfi da saurin gajiya, masu dogon gudu sun fi yawan zare mai jinkiri, ja, cike da mitokondiriya da hanyoyin jini. In an yanka kaza a gida ki duba, ƙirjinta fari ne don fiffike sai dai ta yi fur ta sauka, cinyarta kuwa ta fi duhu don yini take tana yawo a kanta. Ƙirjin tattabara kuma ja ne wur.

Sarkin Aji: Malam saura mita 800, in aka tambaya a ina za mu sa shi? Littafina ya sa shi a laktik, na wani abokina kuma ya ce rabi da rabi

Malamin Fili: Nan kam littattafan ma ba su haɗu ba. Tsofaffin suna ba anerobik kaso mafi girma, awon da aka yi daga baya ya nuna erobik tana ba da fiye da rabi, don wajen sakan 75 na gudu mai tsanani ne hanyoyin ke yin kunnen doki, shi kuma 800 ya wuce nan. In an ba ka zaɓin misali kar ka ɗauko shi, ɗauki 100 da 400 da famfalaki, ba mai yi maka gardama. In kuma an tilasta maka, ka ce haɗaka ce ta laktik da erobik ka kawo dalilin lokaci.

Ɗan Jami'a: Kuma na yaron sakandare da zai yi shi a minti biyu da rabi ai ya fi na Rudisha zama erobik, tunda ya fi daɗewa a hanya

Malamin Fili: Wannan kam mun haɗu. Da agogo ake aunawa ba da tef ba.

Lamba Bakwai: Malam ni fa gudun sassarfar nan, in azumi ya zo kafin shan ruwa zan yi ko bayan tarawi? Don koci ya ce ba hutu